Subjonktif a Faransanci: inda kunnenka na Hausa zai taimake ka, da inda zai yaudare ka

Duk shekara idan muka iso darasin da littattafai suke kira *le subjonctif*, sai in ga fuskokin ɗalibai sun sauya, kamar an ce musu za a hau wani tsauni. Abin da nake fara gaya musu shi ne, Bahaushe ya fi mutane da yawa sa'a a nan, domin tun yana yaro yake amfani da irin wannan siga a bakinsa. Saurari waɗannan jimloli biyu: "na san sun zo" da "ina so su zo". A ta farko ka ce "sun zo", saboda kana ba da labarin abin da ya auku. A ta biyu ka ce "su zo", saboda zuwan bai auku ba, yana cikin zuciyarka ne kawai. Malaman nahawun Hausa suna kiran wannan siga ta biyu umartau. Faransanci ma haka yake rarrabewa: *je sais qu'ils font le travail*, na san suna yin aikin, amma *je veux qu'ils fassent le travail*, ina so su yi aikin. *Font* endikatif ne, sigar ba da labari. *Fassent* shi ne subjonktif.

Sai dai harsunan biyu ba su raba gonar a kan iyaka ɗaya ba. A wajen buri da tilas, kunnenka zai kai ka daidai kusan ko da yaushe. A wajen shakka kuwa, idan ka bi shi zai batar da kai. Ga matakan da za ka bi, daga kallon jimla har zuwa rubuta aikatau.

Mataki na farko: nemo *que*, ka ƙirga masu aiki

Kafin ka tambayi kanka ko jimlar ta buri ce ko ta shakka, duba gininta. Subjonktif ɗin da muke magana a kai yana zuwa ne a sashe na biyu na jimla, bayan *que*. Sashen farko yana faɗin matsayin mai magana (yana so, yana shakka, yana ganin tilas ne), sashe na biyu kuma yana faɗin aikin da ake magana a kai. Aikatau na sashen farko ba ya canzawa, yana nan a endikatif ko kondisiyonel. Wanda ke bayan *que* shi ne yake sauya siga.

Yanzu ƙirga masu aiki. Idan mai so daban ne da wanda ake so ya yi aikin, to ana buƙatar *que* da subjonktif: *je veux que tu partes*, ina so ka tafi. Idan kuwa mutum ɗaya ne, babu *que* sam, sai ka sa aikatau a sigarsa ta ƙamus, wato enfinitif: *je veux partir*.

Nan ne tarko na farko, kuma Hausa ce take ɗana mana shi. Mu muna cewa "ina so in tafi", da umartau, ko da yake ni ne mai so kuma ni ne mai tafiya. Ɗalibi sai ya ɗauko wannan gini ya rubuta *je veux que je parte*. Sigar *parte* ɗin daidai take, amma jimlar gaba ɗaya kuskure ce, ba wanda ya tashi da Faransanci da zai faɗe ta. Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su juya Hausar zuwa "ina son tafiya". Duk jimlar da ta yarda a juya ta haka, enfinitif take so a Faransanci. "Muna so mu ci" ta koma "muna son ci", saboda haka *nous voulons manger*. "Muna so ku ci" ba ta juyuwa, saboda haka *nous voulons que vous mangiez*.

Mataki na biyu: buri da tilas, inda za ka amince da kunnenka

Idan ka tabbatar masu aiki biyu ne, faɗi jimlar da Hausa, amma ka mai da mai aikin na biyu jam'i. Dalili shi ne, a rubutunmu na yau da kullum "ya zo" na labari da "ya zo" na umartau iri ɗaya suke, sai a baki ake jin bambancin. Da jam'i kuwa babu ruɗani, ko dai "sun zo" ko "su zo". Idan abin da ya fito a bakinka "su" ne, ka kusan tabbata subjonktif ake bukata.

Gwada da aikatau na buri. Ina so su zo, *je veux qu'ils viennent*. Na fi so su sani, *je préfère qu'ils sachent*. Haka abin yake bayan *souhaiter que*, *désirer que*, *exiger que*, *demander que*, da kuma *j'aimerais que* da *je voudrais que*, waɗanda su ne sigar ladabi da za ka fi bukata a wasiƙa. Har *attendre que* yana cikin ayarin: *j'attends qu'il finisse*, ina jira ya gama.

Tilas ma haka. Dole su tafi, *il faut qu'ils partent*. Gara su dakata, *il vaut mieux qu'ils attendent*. Ina bukatar ka taimake ni, *j'ai besoin que tu m'aides*. Za ka haɗu da *il est nécessaire que*, *il est indispensable que*, *il est important que* da *il est temps que*, duk hukuncinsu ɗaya. A cikinsu *il faut que* shi ne sarki, shi za ka ji a kasuwa da ofis da asibiti. Wannan *il* ɗin ba wani mutum ba ne, saboda haka dokar masu aiki biyu ba ta hana ka cewa *il faut que je parte*, dole in tafi. Idan ka cire *que* ka ce *il faut partir*, ka bar maganar a buɗe, kamar Bahaushe ya ce "dole a tafi". Shi kuma *devoir*, duk da ma'anarsa ta tilas ce, ba ya ɗaukar *que* ko kaɗan: *tu dois venir*, shi ke nan.

Akwai aikatau ɗaya da ya fita daga layi, kuma shi ne ya fi kowanne cin makin ɗalibai: *espérer*. Ma'anarsa fata, ga shi kuma ɗan'uwan *souhaiter* ne, amma endikatif yake ɗauka idan jimlar ba korarriya ba ce. Ana cewa *je souhaite que tu réussisses*, amma *j'espère que tu réussiras*. A nan ma Hausa tana da abin da za ta ba ka, domin muna da gini biyu, "ina fata ka ci jarrabawa" da "ina fatan za ka ci jarrabawa". Ka ɗaure *espérer* da na biyun a ranka. Mai *espérer* yana sa ran abin zai faru ne, ya riga ya ajiye shi a cikin abubuwan da yake ganin suna tafe. Shi ya sa gaisuwar da ake buɗe saƙo da ita take *j'espère que tu vas bien*. Duk wanda ya haddace wannan gaisuwa ya haddace dokar.

Ka lura kuma da *dire*. *Dis-leur qu'ils sont en retard*, gaya musu sun makara, labari ne, endikatif. *Dis-leur qu'ils soient à l'heure*, gaya musu su zo a kan lokaci, umarni ne, subjonktif. Aikatau ɗaya, ma'ana biyu, kuma gwajin "sun" da "su" ya raba gardamar nan take. A maganar yau da kullum za ka fi jin *dis-leur d'être à l'heure*, amma ma'anar ɗaya ce.

Mataki na uku: shakka, inda za ka ajiye kunnenka

Bahaushe idan yana shakka ba ya amfani da umartau. Cewa yake yi "ina shakkar ko za su zo", ko "ba na jin sun zo". Ga "za su", ga "sun", babu "su" ko ɗaya. Wanda ya dogara da gwajin da muka yi a sama zai rubuta *je doute qu'il viendra*, alhali abin da ake so shi ne *je doute qu'il vienne*. Saboda haka a wannan sashe sai ka sauya tambaya. Tambayar ita ce: mai magana ya tsaya wa abin da ke bayan *que*, ko ya janye hannunsa daga gare shi? Idan ya tsaya masa, ko da da ƙafa ɗaya ce, endikatif. Idan ya janye, subjonktif.

Da wannan tambaya za ka fahimci abin da ke ba mutane mamaki game da *penser* da *croire*. Wanda ya ce *je pense qu'il est malade* bai tabbata ba, amma ya jingina ga maganar, yana miƙa ta a matsayin abin da yake ganin gaskiya ne. Endikatif ke nan. Da zarar ya kore ta, ya janye: *je ne pense pas qu'il soit malade*. Haka *je suis sûr qu'elle sait* take komawa *je ne suis pas sûr qu'elle sache*, kuma *il est certain que*, *il est vrai que*, *il est évident que* duk suna juyawa zuwa subjonktif idan aka kore su. Za ka ji mutane suna cewa *je ne pense pas qu'il viendra* a hira, musamman idan suna so su nuna cewa maganar ta gaba ce, kuma ba wanda zai tsayar da su. Amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki, shawarata ka rubuta *vienne*.

Tambaya tana da nata hukunci. Idan ka juya aikatau da wakilin suna irin na rubutu mai tsafta, subjonktif ya dace: *pensez-vous qu'il soit prêt ?* Idan ka yi tambayar da *est-ce que* ko da ɗaga murya kawai, endikatif aka saba: *est-ce que tu penses qu'il est prêt ?*

Sai ma'aunin yiwuwa, wanda nake kwatanta shi da sikelin mai awo. Abin da ya rinjaya wajen faruwa yana ɗaukar endikatif: *il est probable qu'il viendra*. Abin da ya tsaya a tsakiya ko ya yi ƙasa yana ɗaukar subjonktif: *il est possible qu'il vienne*, *il se peut qu'il vienne*, *il est peu probable qu'il vienne*. Mu a Hausa "mai yiwuwa" muke cewa ga duka biyun, shi ya sa sai an haddace cewa iyakar tana tsakanin *probable* da *possible*. Irin wannan iyaka ce tsakanin *il semble que*, wanda ya fi zuwa da subjonktif, da *il me semble que*, wanda ke zuwa da endikatif, domin da ka sa *me* ka ɗauki maganar a matsayin ra'ayinka.

Wasu kalmomi kuma kama kawai suka yi da shakka. *Se douter* ba shakka ba ne, jin abu ne a jiki: *je me doute qu'il est fatigué* na nufin ai na san ya gaji. *Sans doute* da *peut-être* ba sa jawo subjonktif, ko da an bi su da *que*: *peut-être qu'il viendra*. Wanda ya fi shafarmu shi ne "ko". Muna cewa "ban sani ba ko ya zo", Faransanci ya ce *je ne sais pas s'il est venu*. Rashin sani ne tsantsa, amma bayan *si* subjonktif ba ya zuwa. Kada kuma "ko" ɗin da ke cikin "ina shakkar ko" ya ja ka ka rubuta *je doute si*. A Faransancin yau, *douter* da *que* yake tafiya. Idan mai shakkar shi ne mai aikin, sai ka koma enfinitif tare da *de*: *je doute de pouvoir venir*.

Mataki na huɗu: ƙera sigar

Ka yanke shawara subjonktif ake so. Ɗauki aikatau a lokacin yanzu tare da *ils*, ka cire *-ent*, abin da ya rage shi ne tushe. *Ils finissent* ya ba ka *finiss-*, *ils prennent* ya ba ka *prenn-*, *ils reçoivent* ya ba ka *reçoiv-*. A kan tushen sai ka ɗora *-e*, *-es*, *-e* ga *je*, *tu*, *il*, da *-ent* ga *ils*. Ga *nous* da *vous* kuwa, ɗauko sigar emparfe yadda take ba tare da ka taɓa ta ba. Shi ya sa ake samun *que je prenne* amma *que nous prenions*, *que je boive* amma *que vous buviez*.

Aikatau bakwai da ake amfani da su kullum ba sa bin wannan hanya, sai hadda:

| aikatau | que je | qu'il | que nous |
|---|---|---|---|
| être | sois | soit | soyons |
| avoir | aie | ait | ayons |
| aller | aille | aille | allions |
| faire | fasse | fasse | fassions |
| pouvoir | puisse | puisse | puissions |
| savoir | sache | sache | sachions |
| vouloir | veuille | veuille | voulions |

Akwai dalilin da ya sa mutum zai shekara yana magana da Faransanci bai gane yana kuskure ba. Yawancin aikatau masu ƙarewa da *-er* ne, kuma a wurinsu sigar subjonktif da ta endikatif iri ɗaya ce ga *je*, *tu*, *il* da *ils*. Wanda ya ce *il faut que tu manges* ya yi daidai ko da bai san dokar ba. Asirinsa yana tonuwa ne ranar da ya ce *il faut que tu viens*. To ka mai da wannan rauni makami: duk lokacin da kake kokwanto, cire aikatau ɗin ka sa *faire* a gurbinsa, ka saurari ko *fait* ne ya zauna ko *fasse*. Wannan gwaji yana da amfani musamman a inda kunne ba ya jin bambanci amma alƙalami yana nunawa, kamar *il voit* da *qu'il voie*, ko *je crois* da *que je croie*. Ka kula kuma da *i* ɗin da ake mantawa a *que vous envoyiez* da *que nous étudiions*, alhali *soyons* da *ayons* ba su da shi bayan *y*.

Mataki na biyar: lokaci

Subjonktif ba shi da sigar gaba. *Je doute qu'il vienne* tana iya nufin yau, tana iya nufin gobe, kalmar lokacin da ka ƙara ce za ta fayyace. Ko da sashen farko ya shuɗe, sigar ba ta motsi: *je voulais qu'il vienne*. A tsofaffin littattafai za ka ga *qu'il vînt* a irin wannan wuri, ya isa ka gane ta idan ka gan ta, ba sai ka rubuta ba.

Abin da kake bukata shi ne sigar da ta shuɗe, wadda ake amfani da ita idan aikin na biyu ya riga na farko kammaluwa. Gininta kamar na *passé composé* ne, sai dai *avoir* ko *être* yana shiga subjonktif. *Il a reçu* ya koma *qu'il ait reçu*, *elle est partie* ta koma *qu'elle soit partie*. Ina shakkar ko ta tafi, *je doute qu'elle soit partie*. Tana aiki har ga abin da ake so a kammala kafin wani wa'adi: *il faut que tu aies fini avant midi*.

Mu gwada da saƙo guda

A ce ɗan kasuwa a Maradi yana rubuta wa wanda yake sayar masa da shadda a Lome. Ga abin da ke ransa: "Ina so ku aiko da kayan kafin Babbar Sallah. Dole direba ya biya ta ofis ya karɓi takardu. Ina fata kun samu kuɗin. Ina shakkar ko ƙunshin farko ya iso tasha. Ban sani ba ko farashi ya canza. Ina so in zo da kaina wata mai zuwa."

Jimla ta farko: mai so ni ne, mai aikowa ku ne, mutum biyu, kuma buri ne. "Ina so su aiko" ya fito da "su". Da yake *vous* ne, za mu ɗauko sigar emparfe ta *envoyer*: *je voudrais que vous envoyiez la marchandise avant la Tabaski*. A baki da ƙyar za a ji bambancinta da *envoyez*, amma mai karatu zai ga *i* ɗin ko rashinsa.

Ta biyu tilas ce, kuma aikatau biyu ne ke rataye a *que* ɗaya: *il faut que le chauffeur passe au bureau et prenne les papiers*. *Passe* ba zai nuna maka komai ba, shi ya sa hannu yakan saki jiki ya rubuta *prend* a na biyun. Dukansu suna ƙarƙashin *il faut que*, duk nisan da na biyu ya yi da shi.

Ta uku *espérer* ce, kuma Hausar da kanta ta ce "kun samu": *j'espère que vous avez reçu l'argent*. Ɗalibin da bai daɗe da koyon subjonktif ba yakan so ya nuna gwaninta a nan ya rubuta *ayez reçu*, sai ya ɓata jimlar da da ya bar ta da ta yi daidai.

Ta huɗu shakka ce. Hausa ta ce "ya iso", kunnenka zai ce *est arrivé*, a nan ne za ka ƙi sauraronsa. Mai magana ya janye hannunsa daga isowar, kuma isowar, in ta faru, ta riga shakkar: *je doute que le premier colis soit arrivé à la gare*.

Ta biyar ta yi kama da ta huɗu har da "ko" ɗinta, amma *savoir* ce da *si*: *je ne sais pas si le prix a changé*. Ta shida kuma, mai so da mai zuwa mutum ɗaya ne, "ina son zuwa", saboda haka babu *que*: *je voudrais venir moi-même le mois prochain*.

Idan ka gama rubuta naka saƙon, bi shi da alƙalami ka ja layi a ƙarƙashin kowace *que*. Wadda ta biyo bayan suna, kamar *l'argent que j'ai envoyé*, ka wuce ta, ba irin wadda muke nema ba ce. Wadda ta biyo bayan aikatau ko wani furuci irin su *il est possible* da *j'ai besoin* da *il est temps*, ka tsaya a kanta, ka dubi abin da ya gabace ta, sannan ka sa *faire* a gurbin aikatau da ke bayanta ka karanta da ƙarfi.